A sayar da tunkuza ko a toya ƙuli-ƙuli: darasin da na koya a lissafin man gujiya

Cikin darussan lissafin kuɗin sana'a, wanda ya fi zauna mini shi ne na kaya biyu da ke fitowa daga aiki ɗaya. Man gujiya a Tawa ya ishe mu misali. Ana sayen gujiya ɓararriya, a soya ta sama-sama, a murje ɓawon a sheƙe, a kai mashin a niƙa, sannan a riƙa juya ƙullun ana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso. A nan hanya ta rabu: mai gefe guda, tunkuza gefe guda. Ba wanda zai iya cewa mai kaɗai yake so, tunkuza dole ta biyo. Tambayar da ke tasowa a daidai wannan wuri ita ce, a sayar da tunkuzar yadda take, ko a ƙara mata aiki ta zama ƙuli-ƙuli?

Mu ɗauki buhu mai kilo 100. Farashin da zan sa na misali ne, kowa ya musanya da na kasuwarsa. Gujiya ta ci sefa 60,000, suya da niƙa da matsa suka ci 10,000, jimla 70,000. Aka samu mai lita 30, a 1,500 kowace lita, wato 45,000. Aka samu tunkuza kilo 60, wadda akwai mai saye a 500 kilo, wato 30,000. Idan aka tsaya nan, an karɓi 75,000, riba jika biyar.

To, in za a toya fa? Tunkuza ba ta fita daga kasko da nauyin da ta shiga. Ruwan da aka yayyafa mata yana ƙonewa, sauran man da ke jikinta kuma yana tsatsowa cikin kasko. A ce kilo 60 ya koma kilo 45 na ƙuli-ƙuli, a 900 kilo, ya ba da 40,500. Man da ya ƙaru a kasko lita 4 ne, amma ya sha wuta ya yi duhu, sai a 1,250, wato 5,000. Wannan man mutane da yawa suna juye shi cikin bido su manta da shi a lissafi, alhali toyawar ce ta kawo shi, don haka nata ne. Jimlar abin da toyawa ta kawo 45,500.

A nan ne ake fara tuntuɓe. Sai a ɗauki 45,500 a cire kuɗin toyawa, a ce riba ta yi yawa. Ba haka ba ne. Tunkuzar nan da ma tana da mai ba da 30,000 ba tare da an hura wuta ba. Wanda ya toya ya haƙura da wannan kuɗi, saboda haka abin da toyawa ta ƙara shi ne 45,500 a cire 30,000, saura 15,500. Shi za a auna da abin da aka kashe bayan rabuwar: icce 3,000, ladan mata biyu masu mulmulawa da toyawa 3,000, gishiri da tonka 1,500, leda 1,000, kai wa masu tebur 1,000, duka 9,500. Ƙarin shiga 15,500, ƙarin kashewa 9,500, an ci gaba da 6,000. A toya.

Lura cewa 70,000 ɗin nan bai shigo ko'ina ba, kuma wannan ne ke da wuyar haɗiya. Mai lissafin ƙungiya zai ce, ai tunkuza ba daga sama ta faɗo ba, dole ta ɗauki kasonta na kuɗin gujiya. Bari mu bi shi mu gani. In ya raba da nauyi, mai lita 30 kusan kilo 27 ne, tunkuza kilo 60, sai kason tunkuza ya kama kusan 48,300. Ya ɗora 9,500, ya zama 57,800, abin da aka samu kuwa 45,500. Takarda ta nuna faɗuwar 12,300, a ce a daina ƙuli-ƙuli. In kuma ya raba da darajar kaya a ranar rabuwa, tunkuza tana da 30,000 cikin 75,000, kasonta 28,000 ke nan, sai takardar ta nuna ribar 8,000. Buhu ɗaya, kasko ɗaya, amsa biyu. Alƙalami ne ya canza, akwatin kuɗi bai motsa ba. A duba akwatin: in ba a toya ba saura 5,000, in an toya an karɓi 90,500 an kashe 79,500, saura 11,000. Bambancin shi ne 6,000 ɗin da muka samu tun farko. Kuɗin gujiya da na mashin sun riga sun fita, ko a toya ko kada a toya ba za su dawo ba, shi ya sa ba su da ta cewa a wannan shawara. Rabon yana da amfaninsa wajen sa wa kayan da ke ajiye daraja a littafi ƙarshen shekara. Shi kansa 70,000 ɗin yana da ranarsa, ranar da ake shawarar ko a sayi buhun ma ko a bari. A can, mai da ƙuli-ƙuli a haɗe ne za su biya shi.

Ribar 6,000 ba ta da kauri, ƙaramin abu ke cinye ta. In mai sayen tunkuza ya ƙara zuwa 600 kilo, ta zama 36,000, ƙarin shiga ya sauko zuwa 9,500, daidai da kuɗin toyawa. An wuni gaban wuta a banza. Ta ɓangaren ƙuli-ƙuli kuma, sai ya kawo 34,500 kafin a fita, wato 30,000 da 9,500 a cire 5,000 na mai. A raba da kilo 45, kusan 770 ke nan. Farashi in ya sauka ƙasa da haka, gara a sayar da tunkuza. Kuma a yi lissafi da matsakaicin abin da ya shigo hannu, domin wanda ya ƙone da wanda ya farfashe ya zama gari ba su tafiya a 900, sai dai masu tsire su ɗauka da rangwame. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a auna tunkuza kafin kasko, a auna ƙuli-ƙuli mai kyau daban, gari daban, har toyi uku ko huɗu.

Hayar ɗaki da patanti ba a saka su, tun da ana biyansu ko ba a toya ba, sai fa in saboda ƙuli-ƙulin aka kama wani ɗaki. Amma akwai kashewar da ba ta da rasiti. Idan murhu da ma'aikata ɗaya ne, kuma wunin toyawa ya hana a matse wani buhu mai ribar 5,000, to 6,000 ɗin ta koma jika guda. Haka nan 500 ɗin tunkuza sai in da gaske akwai mai saye a ranar. Tunkuza mai danshi ba ta jira, tana yin tsami ta yi fumfuna. In ba mai ɗauka sai mai kiwo a 300, kuɗin da aka haƙura da shi 18,000 ne kawai, ribar toyawa kuma ta haura zuwa 18,000.