Samfurin wasiƙa na intanet: abin da ake ɗauka da abin da ake bari

Aikin da nake yi a wata ƙungiya a nan Damagaram ya haɗa da karanta dosiyen matasa masu neman istaj, kuma a gida 'ya'yan 'yan uwa sukan kawo mini wasiƙunsu na neman gurbin masta ko burs in duba kafin su tura. A dosiyen nan, takardar da ta fi ba ni tausayi ita ce wasiƙar da mai nema yake bayyana dalilinsa. Yaro ya yi shekara uku yana wahalar lisans, ya yi bincike da ƙafarsa cikin rana, amma in ka buɗe wasiƙarsa ba ka ganin ko ɗaya daga cikin wannan. Abin da za ka tarar shi ne tun yana ƙarami yake ƙaunar fannin, shi mutum ne mai ƙwazo da tsari da son aiki tare da jama'a, kuma makarantarku mai daraja ita ce burinsa. Wasiƙar da ke biye ma haka take cewa, wani lokaci har jerin kalmomin ɗaya ne.

Ban ga laifin duba samfuri ba. Ba a koya wa yawancinmu rubuta irin wannan wasiƙa a lakwal ba, ga shi da Faransanci ake yin ta, kuma wanda bai taɓa ganin abu ba dole ya nemi wanda zai gwada masa. Akwai ma abin da ake kwafa kai tsaye babu wata damuwa: inda ake sa suna da adireshi, kwanan wata, layin da ke faɗin abin da ake nema, gaisuwar buɗewa da jimlar girmamawa ta rufewa. Waɗannan na kowa ne, babu mai cewa ka sace su. Matsalar tana farawa ne daga tsakiyar wasiƙa, wurin da ake jiran a ji wane ne kai. Jimlar da wani ya rubuta a kan rayuwarsa, in ka ɗauka ka sa hannu a ƙarƙashinta, ka yi sata, ko da ka canja kalma biyu, ko da daga Ingilishi ka juya ta zuwa Faransanci.

Mai karatu kuma yana ganewa, tun kafin a kai ga na'urar gano kwafi. Faransanci yana tona asiri ta wurin da ba a zato: namiji ya kwafi wasiƙar mace, sai ka ga harafin e na jinsin mace ya maƙale a ƙarshen sifa, ko mace ta sa hannu a ƙarƙashin sifofin namiji. Wani zai manta sunan wata makaranta a sakin layi na uku. Wani kuma salon harufa ne zai canja a tsakiyar shafi, domin abin da aka liƙa a Word ya zo da kamarsa ta asali. Abin da ya fi saurin bayyana shi ne hawa da saukar harshe: jimla biyu masu santsi irin na ɗan jarida, sai ta uku ta zo da kuskuren da mai jimlolin farko ba zai taɓa yi ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

A waje kuwa har da na'urar. Jami'o'i da yawa a Faransa suna aiki da Compilatio, na ƙasashe masu Ingilishi da Turnitin, kuma hukumar UCAS da ke karɓar takardun shiga jami'o'in Birtaniya tana gwada bayanin kowane mai nema da waɗanda aka taɓa turo mata. Irin waɗannan manhajoji suna neman jerin kalmomi da suka yi daidai da abin da ke intanet ko da takardun da ke ajiye a rumbunsu. Ma'anar haka ita ce wasiƙar yayanka da ta samu karɓuwa bara ba ta fi ta intanet aminci ba, domin tana iya kasancewa a cikin rumbun.

Hanyar da na zauna a kanta, na fi ganin amfaninta a kan ɗiyar yayana. Ta yi lisans a fannin labarin ƙasa, tana neman masta kan kula da albarkatun ruwa. Ta zo da wasiƙa shafi guda da aka buga mata a sibar, ta ce, "Baba, duba mini ko akwai kuskure." Babu kuskuren rubutu ko ɗaya. Ta buɗe da cewa ruwa shi ne rayuwa, kuma ƙarni na 21 yana fuskantar babban ƙalubale. Na ce mata, "Ɗiyata, wa kike gaya wa ruwa rayuwa ne? Malaman ruwa?" Sai ta nuna mini samfurin a wayarta. Wata ɗaliba ce ta rubuta shi a Turai, an yi ta turawa a zauren WhatsApp na ajinsu.

Ban ce ta share shi ba. Muka karanta shi tare sakin layi bayan sakin layi, ina tambayarta abu ɗaya: wannan wurin, wace tambaya yake amsawa? Na farko yana faɗin wace ce ita da abin da take nema. Na biyu, me ta riga ta yi da ke nuna za ta iya. Na uku, me ya sa wannan makaranta ba wata ba. Na huɗu, in ta gama me za ta yi da karatun. Ta rubuta tambayoyin huɗu a takarda da biro, da kalmominta, ba tare da ɗaukar ko rabin jimla daga samfurin ba. Daga nan ta rufe wayar, kuma na ce kada ta sake buɗe samfurin sai ta gama rubutu. Wannan rufewar ita ce rabin aikin. Muddin samfuri yana gaban ido, hannu bin sa yake yi, sai mutum ya shiga musayar kalmomi yana zaton rubutu yake. Na ma fi so a bar shi ya kwana, domin jimlolin su sake mutum.

Tambaya ta biyu muka fi daɗewa a kai, kuma da Hausa muka yi ta. Na lura cewa in ka tambayi ɗalibi da Faransanci, jimlolin da ya haddace suke fitowa, in ka tambaye shi da Hausa sai ya faɗi abin da ya faru. Na ce ta ba ni labarin binciken da ta yi na ƙarshen lisans. Nan take baki ya buɗe. Ta bi gidaje a Garin Malam tana tambayar matan gida inda suke samun ruwa a watannin Afrilu da Mayu, da lokacin da famfo yake kawowa, da abin da suke biyan 'yan ga-ruwa a kan bido. Ta san garin nan a kan dutse yake zaune, shi ya sa haƙa rijiya a cikinsa ba ya ba da ruwan kirki, ana janyo shi ne daga waje, daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram. Ta ce abin da ya fi ba ta wahala shi ne mata ba sa lissafin ruwa da lita, da bido suke yi, dole ta sake tsara tambayoyinta bayan kwanakin farko. Duk wannan yana kanta, kuma ko kalma ɗaya ba ta shiga wasiƙar farko ba, domin a ganinta ƙananan abubuwa ne da ba su kai a rubuta wa manyan malamai ba.

Su ne kuwa wasiƙar. Inda a da ta ce ita mai tsari ce mai iya daidaita kanta da kowane yanayi, yanzu ta rubuta cewa ta canja ma'aunin tambayoyinta daga lita zuwa bido da ta ga amsoshin ba sa daidaita, sannan ta mayar da su lita wajen lissafi. Ba ta kira kanta mai tsari ba, mai karatu ne zai faɗa da kansa. Inda ta ce ruwa rayuwa ne, ta fara da abin da take nema da kuma tambayar da bincikenta ya bar mata ba amsa: yadda za a raba ruwan da ke zuwa daga nesa tsakanin unguwannin da ke kan tudu da na gangare. A sakin layi na uku ta shiga shafin makarantar ta karanta jerin darussan, ta zaɓi biyu da suka shafi tambayar tata, ta ambace su da sunansu ta faɗi abin da za su ƙara mata. Yabon makaranta duk ya fita, bai bar giɓi ba.

Bayan ta juya sabon rubutun zuwa Faransanci, muka yi masa gwaji biyu. Na farko na tsofaffin jimloli ne, waɗanda ba sata ba ne amma kowa ya gaji da su. Ana ɗaukar jimla ɗaya bayan ɗaya a tambaya: wata 'yar ajinku za ta iya sa hannu a ƙarƙashin wannan ba ta yi ƙarya ba? In za ta iya, jimlar ba ta aiki. Ko dai a cire ta, ko a nemo abin da ya faru wanda ya sa aka so faɗinta, da wuri da lokaci da abin da aka yi. Na biyu na sata ne. Ta buɗe samfurin a gefe muka gwada, sai muka ga jimla guda ta dawo da kanta ba ta sani ba, ta sake ta. Sannan ta ɗauki kalmomi takwas zuwa goma daga wuraren da suka fi santsi, ta sa su tsakanin alamar zance biyu a Google, domin haka yake neman jerin kalmomin daidai yadda suke. Wannan gwaji yana da iyaka. In bai fito da komai ba, ba shi ne shaidar wanki ba, tunda takardun da ke yawo a WhatsApp da waɗanda ke rumbun jami'o'i ba ya ganin su. Amfaninsa kawai ya kama jimlar da ta shiga kai daga karance-karance.

Faransancin sabuwar wasiƙar bai kai na tsohuwar ƙyalli ba, kuma ta damu da haka. Na gyara mata nahawu, amma na ƙi ɗaga mata harshe sama da nata, domin akwai hira a gaba. Masu hira daga wasiƙa suke ciro tambaya, su ce a yi musu bayanin jimla kaza. Wanda ya ari jimla a nan yake tsayawa, ita kuwa duk layin da suka taɓa tana da ƙarin magana a bayansa.

Makarantu uku take nema, sai ta tambaya ko za ta iya tura wasiƙa ɗaya. Labarin bincikenta nata ne, tana iya maimaita shi ko'ina. Sakin layi na uku ne dole a sake shi daga tushe ga kowace makaranta, a koma shafinta a karanta darussanta, kuma kafin a tura a bincika sunan makarantar da ta gabata a cikin takardar da Ctrl+F, a tabbata bai rage a ko'ina ba.