Layi 800, babu sunan mutum ko ɗaya

Shekaranjiya na tarar da ɗan ƙanena ya duƙufa a kan kwamfuta, yana kwaso sunayen kamfanoni daga Google Maps yana zubawa a Excel. Ya fara harkar sayar wa masana'antu kwali, ba shi da kuɗin talla. Ya juyo mini da allon yana fara'a: "Baffa, na kai layi 800." Na ce, "A cikinsu, guda nawa ka san sunan wanda ke sa hannu a oda?" Ya yi shiru. Raina ya sosu, don ramin da na faɗa ne yake haƙa wa kansa.

Ni ma da kwali na fara. Mako shida na yi ina tara sunaye har suka kai 1,200: sunan kamfani, lambar waya, da imel wanda galibinsa da info@ ya fara. Na rubuta wasiƙa ɗaya, na zuba adireshin duka a BCC, gurbin imel da ke ɓoye sauran waɗanda aka aika wa, na aika. Tuli guda suka dawo, adireshin ya mutu. Sauran shiru. Abin da ya fi ciwo sai bayan mako biyu ya bayyana, lokacin da wani tsohon abokin ciniki ya kira yana faɗa, wai ban aiko masa takardar kuɗi ba. Na aika, tana cikin Spam. Yawan saƙonnin da suka dawo da waɗanda aka yi ƙorafi a kansu sun ɓata sunan adireshinmu, har masu biyanmu suka daina ganin wasiƙunmu.

Ina iya cewa ba laifina ba ne, kuma da gaskiyata. Babu wanda ya koya mini, babu kuɗi, maigidana kuma yawan layi yake tambaya kowane ƙarshen mako. Amma ni na san abin da ke zuciyata. Kwafar suna tana da daɗi, domin allo ba ya ce maka "ba ma buƙata". Tsoron waya nake ji, na ɓuya a bayan aiki.

Takarda guda ce ta fitar da ni. Na rubuta waɗanda suka taɓa sayen kwalinmu fiye da sau ɗaya, su tara ne kacal, na nemi abin da ya haɗa su. Duk suna ɗura kaya kullum, duk suna aikawa nesa a babbar mota, yawancinsu kuma sun zo mana ne bayan mai kawo musu kwali ya saɓa alkawari. Da wannan awon na nemi irinsu, na sami arba'in. Na ƙara gurbi biyu a jerin: sunan mai yanke shawara, da dalilin da zai sa ya saurare ni yanzu.

Wani kamfanin sabulu ya buga tallar neman mai kula da sabon sito. Sabon sito na nufin ƙarin kaya, ƙarin kaya na nufin ƙarin kwali. Dalili ya samu. Na kira lambar ofis, ban yi talla ba, na ce, "Don Allah wa ke kula da sayen kwali?" Aka ba ni suna. Da na same ta na tambaye ta abu uku: kwali nawa suke ci a wata, wa ke kawo musu, yaushe yarjejeniyarsu za ta ƙare. Ta ce saura wata biyu. Na rubuta ranar, na sake kira ana saura mako uku, ta nemi samfur. A yau neman irin wannan sunan ya ma fi sauƙi, a rubuta wa Google wannan, ya nemo masu kula da sayen kaya na kamfanonin sabulu a shafin LinkedIn:

```
site:linkedin.com/in "procurement" "soap"
```

Ku masu fara harkar sayarwa, na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma ba ku da haƙurin karatu, kuma biyu sun isa. Layin da kuka nema kuka kasa samo masa sunan mutum da dalili, ku goge shi, ko da kuwa kamfanin ya kai girman dutse. Wanda aka tabbatar ba ya sayen irin kayanku, ko odarsa ba ta kai abin da za ku iya kaiwa da riba ba, shi ma ku cire.

Sai dai kada ku ce na ce ku zauna wata guda kuna tace jeri. In kun sami goma, ku ɗauki waya, ko da gurbin sunan bai cika ba, ai a wayar ake cika shi. Abin da ke ba ni haushi da ku ke nan: waya tana hannunku dare da rana, amma a ce ku kira baƙo ku yi sallama, sai ku ce gara ku tura saƙo.

Yaron ya zauna ya tace nasa, 800 suka koma 35. Har yanzu bai kira ko ɗaya ba. Na ce masa gobe ƙarfe tara zan zauna kusa da shi, ya kira biyar na farko ina ji.