Abin da na koya lokacin da aka riƙe mana kuɗin gero

Ina riƙe wa yayana lissafin shagon hatsi a Babbar Kasuwar Katsina, kuma cinikinmu na yini bai cika wuce naira 300,000 ba. Wata Laraba wani ɗan kasuwa daga Jibiya ya sayi gero na naira 1,800,000, aka turo kuɗin kashi uku daga asusu uku masu sunaye daban-daban. Mun ga alat, mun loda masa kaya, ya tafi. Da gari ya waye muka tarar kamfanin da ya ba mu na'urar POS ya hana cirewa, ba wani bayani sai cewa ana duba asusun.

Kwana huɗu na ɓata ina kiran layinsu, kowa ya ɗauka sai ya ce, "Alhaji, a ƙara haƙuri," alhali ko Makka ban je ba. Kuskurena shi ne tambayar da nake nanatawa, wato me ya sa. Daga baya na fahimci cewa idan kamfani ya kai rahoton cinikin da yake zargi ga NFIU, hukumar da ke tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi, dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta haramta masa sanar da mai asusun, don haka akwai dalilin da ma'aikaci ba zai faɗa ba ko da ya sani.

Sai na rubuta takarda da tambayoyin da za su iya amsawa: shin duka asusun aka sa wa PND, wato umarnin hana fitar da kuɗi, ko kuwa wani adadi kawai aka riƙe, daga wurinsu umarnin ya fito ko daga bankin mai turowa, kuma waɗanne takardu suke buƙata. Na haɗa da Session ID na kowane kashi, lambar nan mai alƙaluma 30, da hoton rasit da na shafin littafin ciniki, na kuma nemi lambar ƙorafi. Lambar ƙorafin tana da amfani domin Babban Bankin Najeriya yana so a fara kai kuka ga kamfanin, a ba shi mako biyu, kafin a je sashensa na kare abokan hulɗa.

Amsar ta nuna kashi ɗaya ne mai matsala, na naira 600,000, wanda mai asusun ya shaida wa bankinsa cewa bai san da fitarsa ba. An saki sauran 1,200,000 bayan sun duba rasit, amma wancan ya zauna har aka gama bincike, domin rasit ɗinmu sunan mai saye yake ɗauke da shi, asusun kuma na wani ne.

Tun daga lokacin, idan sunan da ya fito a alat ya saɓa da na wanda ke tsaye gabana, ba a ɗaga buhu sai mai asusun ya yi magana da ni ta waya, na rubuta sunansa da lambarsa a jikin rasit.