Jimilla ta yi daidai, kuɗin ya shiga asusun wani

Shekarata ta biyu ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfani, na loda fayil ɗin albashin ma'aikata 214 zuwa banki bayan na duba abu biyu kacal, wato yawan mutane da jimillar kuɗi. Duka biyun sun yi daidai da jerin da shugabanmu ya sa wa hannu, har zuwa kwabo. Washegari da safe wani masinja ya shigo ofishina riƙe da wayarsa, hannunsa na rawa, ya ce, "Ranka ya daɗe, naira 412,000 na ga sun shigo, ni kuwa 78,000 nake karɓa."

Abin da ya faru shi ne, na haɗa fayil ɗin ne daga takardu biyu. Sunaye da kuɗi na kwaso su daga jerin da aka amince da shi, lambobin asusu kuma daga wani jerin dabam, na manna su gefe da gefe bisa zaton tsarinsu ɗaya ne. A watan an ɗauki sabon injiniya, wanda ya faɗo a layi na 206 a jerin albashi, alhali a jerin asusu a can ƙarshe aka rubuta shi. Saboda haka daga layi na 206 zuwa na 214 kowane albashi ya goce zuwa asusun wani: na injiniyan ya tafi wurin masinjan da ke biye da shi, shi kuma injiniyan ya sami albashin mai gadi. Mutum tara abin ya shafa, kuma bankin da lambar asusu ya biya, bai kula da sunan da na rubuta ba. Maido da kuɗin ya ci mana makonni, domin sai da kowa ya amince a rubuce, ga kuma ɗaya da bankinsa ya riga ya cire bashin da yake binsa. Har yau ina jin nauyin mutanen nan, don a tsakiyar hidimar kuɗin makaranta na jefa su cikin wannan hali.

Ƙannena masu shigowa wannan aiki, ku gane cewa jimilla tana shaida nawa ne zai fita kawai, ba ta faɗin wanda zai karɓa. Abin da ke kama irin kuskurena shi ne gwada layi da layi ta amfani da lambar ma'aikaci, tunda suna yana maimaituwa, ana kuma rubuta shi iri-iri. Idan tsarin bankin ba shi da gurbin wannan lamba, ku ajiye kwafin aiki mai ɗauke da ita, ku yi gwajin a kansa, sannan ku fitar da fayil ɗin banki daga wannan kwafin. A Excel, idan lambar ma'aikaci tana A, asusu a B, kuɗi a D, amintaccen jerin albashi kuma yana shafin `Albashi`, jerin asusu yana shafin `Asusu`, duka da wannan tsari, ga abin da nake sawa:

```
=D2-VLOOKUP(A2,Albashi!A:D,4,FALSE)
=EXACT(B2,VLOOKUP(A2,Asusu!A:B,2,FALSE))
```

Na farko dole ya ba da sifili a kowane layi, na biyu kuma `TRUE`. Duk inda `#N/A` ya fito, akwai lambar da aka sa a fayil ba ta cikin jerin da ake gwadawa da shi, kuma ta irin wannan ƙofa ce ma'aikatan bogi da waɗanda suka bar aiki suke shigowa. Sai ku juya gwajin, ku ƙirga da `COUNTIF` sau nawa kowane mutum na amintaccen jerin ya fito a cikin fayil ɗin, don gano wanda aka tsallake ko aka sa sau biyu.

Akwai wani tarko bayan an gama wannan. Lambar asusu a Najeriya, wato NUBAN, alƙaluma 10 ce, da yawa kuma da sifili suke farawa. Idan kun buɗe fayil ɗin `.csv` a Excel kuka sake adana shi, sifilin farko yakan ɓace, haka ma na lambar banki irin 011 ko 058. Ku yi duban ƙarshe a Notepad, inda babu abin da ke sauyawa, kuma tun a kwafin aiki ku tabbatar `=LEN(B2)` yana ba da 10.

Daga lokacin da aka kammala gwaji, ban yarda kowa ya taɓa fayil ɗin ba, ni ma a ciki. Idan gyara ya taso, ko na mutum ɗaya ne, a koma wurin mai sa hannu, a fitar da sabon fayil, a sake gwajin daga farko. Wanda zai amince da biyan a shafin banki kuma ya zama wani ne dabam da wanda ya haɗa fayil ɗin, ya riƙe takardar da aka sa wa hannu a gabansa, ya kwatanta yawan mutane da jimilla, sannan ya zaɓi layukan sababbin ma'aikata da na waɗanda suka sauya asusu a watan, ya karanta lambobinsu ɗaya bayan ɗaya kafin ya danna.