Buhu, kilo da tan a layi ɗaya: gargaɗi ga masu haɗa lissafin sito

Ranar kasuwar Gujungu da ta wuce na tarar da ɗan ƙanena, wanda ƙungiyar manoman garinmu ta naɗa magatakarda, yana ɗaukar hoton littafin sito da wayarsa. Manhajar da ke karanta rubutu daga hoto ta zuba masa lambobin a Excel, shi kuma ya tara layin adadi daga sama har ƙasa, ya nuna mini jimilla yana murmushi. A shafin da na leƙa akwai shigarwa uku na taki a jere: 40, da 1.5, da 250. Jimillarsa ta ce 291.5. Na tambaye shi, 291.5 na mene ne? Ya ce, "Baba, ai na'ura ba ta kuskure." Na farkon buhu ne, na biyun tan, na ukun kilo. Buhun taki kilo 50 ne, saboda haka buhu 40 kilo 2,000 ke nan. Tan ɗaya da rabi kilo 1,500 ne. Idan aka haɗa da 250, abin da ya shiga sito kilo 3,750 ne, wato buhu 75. Lambar da ya samu ba ta auna komai a duniya.

Ban yi masa faɗa sosai ba, domin nawa kuskuren ya fi nasa muni, kuma na yi shi ne ina ganin na fi kowa wayo. Lokacin da nake riƙe da wannan kujera, wata ƙungiyar tallafi ta nemi mu aika da rahoton kayan sito da tan. Littafin kuwa, hannu uku ne suka rubuta shi. Mai kula da sito yana ƙirga buhu, domin buhu yake gani ana saukewa. Malamin gona yana rubuta kilo. Takardar rakiyar mota kuma da tan take zuwa, tirela ɗaya tan 30, wato buhun taki 600. An kai littafin shagon kwamfuta a Hadeja aka yi masa sikanin, aka ba ni shafukan, na zauna na buga. Ni na lura ma'aunan sun bambanta, kuma na mayar da su ɗaya. Sai dai na ninka kowane buhu da 100, saboda a gidanmu idan aka ce buhu, na gero ko masara ake nufi, wanda ake lissafa shi a kilo 100. Buhun taki 120 da ke cikin shafukan suka zama tan 12 a rahotona, alhali tan 6 ne.

Da masu bincike suka zo, suka mayar da tan 12 ɗin nan zuwa buhu yadda ya dace, suka sami 240, suka ƙirga rasiɗin rabo suka ga 120. Aka ce buhu 120 sun yi ɓatan dabo, kuma idon kowa ya koma kan mai kula da sito, dattijon da a lokacin ya haife ni. Har gaban dagaci maganar ta je. Abin da ya ja lamarin shi ne, ni kaina na kasa nuna inda lambar ta fito, domin na goge adadin asali na rubuta sabon a gurbinsa, ban bar ko kalma ɗaya da ke cewa da nawa na ninka ba. Sai da aka ɗauko littafin takarda aka bi shi shigarwa bayan shigarwa kafin gaskiya ta fito.

Ba na cire kaina daga laifi, amma a yi mini adalci. Kan layin an rubuta "Adadi" kawai. Mai sito yana rubuta bg, wato buhu, malamin gona yana rubuta kg, kuma a hoton sikanin da ya dushe wutsiyar k ta haɗe ta koma b. A wasu wuraren ba a rubuta ma'aunin ba ma, an sa 'yar alamar nan mai ɗigo biyu da ke nufin "kamar na sama", kuma na saman yana shafin baya. Babu wanda ya koya mini aikin, kwana kaɗan aka ba ni. To, amma duk wannan bai hana ni taka ƙafa zuwa sito in karanta 50kg da ke buge a jikin kowane buhu ba. Girman kai ne ya hana ni tambayar mutumin da ban ɗauka ya kai ni boko ba.

Na yi niyyar jero shawarwari da yawa, amma idan na duba, kusan duk abu ɗaya ne: kada ku taɓa abin da aka rubuta. Ku bar shi a layinsa yadda yake a takarda, har da gajartawar. Ku buɗe layi na lamba zalla, da na ma'auni, da na kilo nawa ke cikin ma'aunin ɗaya ga wannan kayan, sannan layin kilo ya zama ninkin biyun. Idan lambar tana layin C, nauyin yana layin E, abin da za a sa a layin kilo shi ne:

```
=C2*E2
```

A E ana sa 1 ga kilo, 1000 ga tan, 50 ga buhun taki. Kowace shigarwa da nata nauyin, ba lamba ɗaya da za a shafa wa dukan shafi ba. Yaran yanzu suna ganin wannan ɓata lokaci ne, su da ke iya kwana suna murza waya, amma minti goma na duba shafi ya gagare su.

Layi na ƙarshe na bayani ne, kuma shi ne wanda na rasa. Bayani mai amfani gajere ne, kamar haka: "An mayar da komai kilo. Buhun taki 50, kamar yadda yake a jikin buhu. Buhun masara 100, bisa al'adar kasuwa, ba a ɗora a sikeli ba. Shigarwa ta 14, shafi na 3, ma'auni bai fito a hoto ba." Bambancin nauyin da aka buga a buhu da wanda aka ɗauka bisa al'ada yana da muhimmanci, domin hatsi da kwano ake cika shi, kuma cikar wani ba ta kai ta wani ba. Buhu guda da zai ɗauki masara kilo 100, idan aka zuba masa shanshera ko riɗi ba zai kai haka ba. Wanda ya sa wa shanshera 100 ya maimaita kuskurena ta wata ƙofar.

Inda ma'auni bai fito ba, kada ku yi hasashe. Ku bar gurbin kilo babu komai, ku fitar da shigarwar daga jimilla, ku faɗi haka a bayani. Na san na faɗi wannan da ƙarfi, alhali ni kaina ina hasashe. Idan na ga 30 a gefen lambar mota, na san tan ne, domin babu mai ɗauko tirela saboda kilo 30. Idan akwai layin kuɗi, nakan raba kuɗin da adadin: farashin tan ɗaya na taki ya ninka na buhu sau 20, don haka kuskuren ba ya ɓuya. Ku yi irin wannan hasashen idan ya zama dole, amma ku rubuta cewa hasashe ne, da dalilinsa. Ku kuma kula da ɗigon da ke cikin 1.5, wanda sikanin yakan cinye ya bar 15. Tan 13 da rabi ke nan da ba su taɓa shiga sito ba.

Kilo nake so a ajiye lissafi da shi, ko da an nemi rahoto da tan, tunda rabawa da 1,000 a ƙarshe ba wuya. Amma ranar taron ƙungiya kada wanda ya tashi gaban dattawa yana karanta musu kilo 3,750. Ya ce buhu 75, ya ƙara da cewa na taki, mai kilo 50, kuma mai kula da sito ya riga ya ga takardar ya amince kafin a karanta.