Littafin lebul: hawa da sauka, da abin da lissafin duba ba ya gani

Ofishina na safiyo ɗaki biyu ne a Na'ibawa, kuma mu biyar ne a cikinsa in an haɗa da yaran da ke zuwa koyon aiki. Yawancin abin da muke ci da shi ba awon filaye ba ne, aikin lebul ne, wato auna tudu da gangaren wuri: kwata, kwalbati, daɓen gida, tsayin harsashi. Na'urar da na fi ɗauka tsohuwar damfi ce, wadda sai ka daidaita kumfarta da hannu ta kusoshi ukun da ke ƙasanta kafin ka leƙa. Yaro mai ido yakan iya kafa ta ya karanta lambobin jikin sandar awo cikin mako biyu. Littafin da ake rubuta karatun a ciki ne ke ɗaukar watanni, kuma a kansa na fi tsanantawa, domin ɗan kwangila ba na'urarka zai zuba wa kankare ba, lambar da ka rubuta masa zai bi.

Damfi abu ɗaya take yi. Tana ba ka layin gani da ke kwance daidai, kamar fuskar ruwa a randa. Mai riƙe sanda ya tsaya a wuri, kai kuma ka karanta nisan da ke tsakanin ƙasa da wannan layi. Saboda haka in karatu ya ƙaru, ƙasa ce ta sauka. In ya ragu, ƙasa ta hau. Sabon yaro kullum juyawa yake yi, ya ga babbar lamba ya ce tudu ne. Nakan sa shi ya riƙe sandar da kansa ya shiga cikin kwata, sannan ya hau kan bulo, wani na karanto masa. Daga ranar ba ya sake mantawa.

Karatu iri uku ne, kowanne da gidansa a littafi. Na farko bayan ka kafa na'ura shi ne karatun baya, wanda ake ɗauka a wurin da aka riga aka san tsayinsa. A kan littafi BS ake rubutawa. Na ƙarshe kafin ka ɗaga na'ura shi ne karatun gaba, FS. Duk abin da ya faɗo tsakaninsu karatun tsakiya ne, IS. Kada sunan ya ruɗe ka, baya da gaba ba su da alaƙa da inda ka juya fuska. Sai gidan hawa, gidan sauka, gidan tsayin da aka fitar wato RL, da gidan bayani. Layi ɗaya na wuri ɗaya ne. Wurin da kawai ke samun karatu biyu a layi ɗaya shi ne wurin canji, inda mai sanda ke tsayawa cak kai kuma ka ɗauki na'ura ka matsa gaba: FS daga tsohuwar kafa, BS daga sabuwa.

Ga wani aiki da muka yi a wani lungu a Hotoro gab da damina, inda ruwa ke kwanciya a ƙofar gidaje ana so a ja kwata. Babu bencimak na gwamnati kusa, wato alamar da aka riga aka san tsayinta, don haka muka yi alama da fenti a kan kankaren wani kwalbati muka ba shi tsayi 100.000 na mita. A irin wannan aiki bambancin tsayi ake nema, ba tsayi daga teku ba.

```
     BS     IS     FS     Hawa   Sauka  RL
A  1.425                               100.000
B         1.680                 0.255   99.745
C         1.310          0.370         100.115
D  1.150         1.905          0.595   99.520
E         1.540                 0.390   99.130
F                0.985   0.555          99.685
```

Dokar ita ce ka ɗauki karatun da ya gabata ka cire na yanzu daga cikinsa. In akwai saura, hawa ne. In bai kai ba, sauka ce. Daga A zuwa B, 1.425 a cire 1.680 bai kai ba da 0.255, to B ta sauka, tsayinta 99.745. Daga B zuwa C, 1.680 a cire 1.310 saura 0.370, hawa ne, sai ka ɗora a kan tsayin B ka sami 100.115. Kowane tsayi daga na samansa yake fitowa, kamar tsani. Daga C zuwa D sauka ce ta 0.595.

A D ne ake faɗuwa. Karatu biyu ne a layin, 1.905 da 1.150, kuma yaro ya zaɓi wanda zai kwatanta da na E. Karatun E an ɗauke shi ne bayan an matsar da na'ura, don haka abokinsa shi ne 1.150, wanda aka ɗauka da layin gani ɗaya da shi. Ba a gwama karatun kafa biyu dabam, domin tsayin na'urar kansa ya canja. 1.150 a cire 1.540, saukar 0.390.

In an gama, kafin kowa ya taɓa takardar da za a kai wa ɗan kwangila, sai lissafin duba. Amsoshi uku ne, kuma dole su zo ɗaya. Alamar Σ tana nufin jimla:

```
ΣBS − ΣFS       = 2.575 − 2.890    = −0.315
ΣHawa − ΣSauka  = 0.925 − 1.240    = −0.315
RL(F) − RL(A)   = 99.685 − 100.000 = −0.315
```

Ni a ofishina ba a fara cika gidan RL sai na farko da na biyu sun yi daidai. Dalili kuwa, in kuskure yana cikin hawa da sauka, duk tsayin da ka fitar bayansa ya lalace, ka yi aikin banza sau biyu. Kafin haka ma nakan ƙirga: yawan BS dole ya yi daidai da yawan FS. In ba su yi ba, wani karatu ya shiga gidan da ba nasa ba.

Ranar aikin Hotoron nan, yaron da ke riƙe da littafi ya kawo mini shi da la'asar yana cewa, "Oga, biyu sun yi, ɗaya ya ƙi, ina jin ƙarin BS ɗin ne na ɓata." Na duba. Hawa da sauka sun ba shi 0.440 sama, tsayin ƙarshe da na farko ma 0.440 sama, amma BS da FS sun tsaya a kan 0.315 ƙasa. Na ce masa, "Kai ɗana, biyun da suka yarda da juna uwa da 'ya ne, RL daga hawa da sauka ta fito, dole su yi baki ɗaya. Wanda ya ƙi shi ne mai gaskiya. Nawa ne tazarar?" Ya haɗa ya ce 0.755. Na ce ya cire 1.150 daga 1.905. Ya yi, ya ga 0.755 ɗin ce cif. Ya kwatanta E da 1.905 ne, sai saukar 0.390 ta zama masa hawan 0.365. Da an bi takardarsa, da kwatar ta karkata zuwa inda ruwa ba zai taɓa bi ba, E da F duka an ɗaga su da kusan kashi uku cikin huɗu na mita.

Tazarar takan faɗa maka inda kuskure yake in ka saurare ta. In ta yi daidai da bambancin karatu biyun wurin canji, can ne. In ka raba ta biyu ka ga lambar tana cikin gidan hawa ko sauka, to an sa hawa a gidan sauka ne ko akasin haka, shi ya sa ta ninka. In kuwa na farko da na biyu sun yi daidai na uku ne ya kauce, ƙari ko ragi aka ɓata a gidan RL, sai ka bi layi-layi.

Ana tambayata dalilin da ya sa na nace kan wannan hanya alhali ta tsayin layin gani ta fi sauri, inda kake fitar da tsayin na'ura sau ɗaya ka yi ta cire karatu daga ciki. Ina amfani da ita in ana kafa turaku masu yawa daga kafa ɗaya. Amma dubanta na yau da kullum ba ya shafar karatun tsakiya. Ka ɓata ragi a B, amsa ta zo daidai kamar ba abin da ya faru. A hawa da sauka kowane karatun tsakiya ya shiga lissafi sau biyu, kuma tsayinsa ne tushen na gaba, don haka ɓatan ragi ba ya ɓuya. A aikin kwata kuwa, karatun tsakiya su ne ainihin abin da aka biya ka ka kawo.

Sai dai akwai abin da nake maimaitawa har yara su gaji da ni. Lissafin duba ƙari da ragi kawai yake dubawa, bai san abin da idonka ya gani ba. A ce ainihin karatun C 1.810 ne, aka karanta 1.310. Da gaskiyar, B zuwa C saukar 0.130 ce, C zuwa D saukar 0.095, jimla 0.225. Da kuskuren, hawan 0.370 da saukar 0.595, jimla saukar 0.225 ɗin dai. Amsoshi uku za su zo ɗaya, littafi ya yi tsaf, alhali an ɗora wa C rabin mita da babu shi a ƙasa. Maganin wannan a fili yake, ba a ofis ba. Mai leƙe ya faɗi lamba, mai rubutu ya maimaita da ƙarfi, mai leƙe ya sake leƙawa ya tabbatar. Sannan ka ɗaga kai ka dubi wurin: in littafi ya ce tudu, akwai tudun? Shi ya sa ba na yarda a bar gidan bayani fayau. A Hotoro an rubuta "kan dakalin ƙofar gida" a gaban C, wannan ne ya sa na gamsu da hawan.

Kuskuren karatun BS ko FS kuma ana kama shi ne ta rufe zagaye, wato ka ci gaba da awo ka dawo kan alamar da ka fara. Ya kamata ka sake samun 100.000, amma kullum akan sami 'yar tazara. Ma'aunin da muke bi a aikin gini shi ne 12√K na milimita, K kuma tsawon zagayen ne a kilomita. Zagayen Hotoro mita 250 ne zuwa da dawowa, abin da aka yarda da shi milimita 6 ke nan. Mun dawo da 100.004. Irin wannan ana raba shi ne a kan kafe-kafen na'ura, kowace kafa ta ɗauki rabonta. Da ya wuce, da an sake awon, ba a gyara shi da fensir.

Don tazarar ta zauna ƙarama, ina sa na'ura ta tsaya kusan tsakiyar BS da FS, saboda in layin ganinta ya ɗan karkata, kuskuren baya da na gaba su cinye juna. Ba na wuce taku sittin zuwa sanda. Wurin canji dole ya zama abu mai tauri, kankare ko turke, ba rairayi ba. Kuma a watan Afrilu, da rana ta take, lambobin ƙasan sanda rawa suke yi a cikin tabarau saboda hucin ƙasa, don haka muna fita bayan asuba mu tashi kafin sha ɗaya.

Littafin kansa da fensir mai tauri ake cika shi, kuma ba a gogewa. Lambar da aka ɓata a ja mata layi ɗaya a rubuta sabuwa a samanta, yadda za a iya karanta duka biyun. In shafi ya cika, a rufe shi da FS, a buɗe na gaba da BS, a yi wa kowane shafi dubansa a ƙasansa. Yaron nan na Hotoro shi ke duba littattafan sababbi yanzu, kuma abin da yake fara ɗora yatsa a kai shi ne layin wurin canji.