Ƙofar kaji mai rufe kanta: igiyar da ta ci mini kaji bakwai

Har yanzu in na tuna kaji bakwai da muzuru ya kashe mini a Samaru sai raina ya ɓaci, domin gyaran da zai hana hakan layi ɗaya ne tak a cikin shirin kwamfutar da ke sarrafa ƙofar.

Haɗin ba wani abin wahala ba ne. LDR tana auna haske, Arduino Nano na yanke hukunci, L298N na juya ƙaramin moto mai giya, bolt 12, mai zagaye 10 a minti. Moton na naɗe igiya a kwarkwaro mai faɗin santimita 4, ƙofa ta hau santimita 30 cikin daƙiƙa 14. Suwic ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, su ke gaya wa moto ya tsaya.

Ga inda na yi ganganci. Na dogara da suwic na ƙasa shi kaɗai. Kaji suka yi ta tono, garin katako ya cika kwaroron da ƙofa ke bi, ƙofa ta zauna a kansa saura kamar yatsa ɗaya ta taɓa suwic. Moto bai ji an ce tsaya ba. Ya warware igiyar duka, ya ci gaba da juyawa, sai ta fara naɗuwa ta ɗaya ɓangaren, ƙofa ta koma sama. Ta bugi suwic na sama, amma a lokacin rufewa Arduino ba ya kallonsa. L298N ya ƙone, ƙofa ta kwana a buɗe.

Layin da ban sa ba shi ne wannan:

```
if (millis() - fara > 18000) tsaya();
```

A nan `fara` shi ne lokacin da moto ya tashi, 18000 kuma daƙiƙa 18 ke nan. Tafiyar daƙiƙa 14 ce, in ta wuce 18 to akwai matsala, a yanke wuta, ƙararrawa ta yi kuka. Ka auna taka ƙofar da agogo, kada ka kwafi lambata.

Na kuma yanke ƙasan kwaroron na bar shi a buɗe, shara ta riƙa zubewa, na ɗaga suwic ɗin zuwa gefe inda wani ɗan kunnen ƙarfe a jikin ƙofa ke danna shi. Wayoyin suwic na mayar da su kan COM da NC, ƙafafun suwic da ke haɗe sai an danna su rabu, don in ɓera ya ci waya, Arduino ya ɗauka an danna, moto ya tsaya. Yanzu kowane suwic aka taɓa, ko hawa ake ko sauka, tsayawa ake.

Ita LDR, hadarin damina kan ruɗe ta ta rufe da la'asar, don haka sai duhu ya yi minti 10 a jere kafin ƙofa ta motsa. Da hunturu ƙura na rufe mata ido, ina gogewa duk Juma'a. Kwaroron kuwa kullum da yamma sai na leƙa shi.